Ciwon gefe guda na mara a tsakiyar wata: yadda ake bambanta fitar ƙwai da ciwon da ba ya jira

Mata da dama sun san wani ɗan ciwo da ke zuwa musu a ƙasan mara, a gefen dama ko na hagu, alhali sun yi tsarki da kwanaki kuma hailar gaba ba ta kusa ba. Wani lokaci kamar suka yake, wani lokaci kamar murɗa, ya ɗauki awa kaɗan ko yini guda ya wuce. Galibi wannan ciwon fitar ƙwai ne, kuma ba cuta ba ne. Likitoci sun aro masa suna daga Jamusanci, mai ma'anar “ciwon tsakiya”. Sai dai a daidai wannan wuri ne wasu cututtuka masu haɗari ke farawa, kuma a awannin farko suna iya kama da shi. Abubuwa biyu ne ke raba su: ranar da ciwon ya zo cikin lissafin haila, da kuma ko yana raguwa ko yana ƙaruwa.

Daga ina ciwon ke fitowa

Mace na da gidan ƙwai biyu, ɗaya a kowane gefen mahaifa. Kowane wata ƙwai guda kan girma a ɗayansu, cikin wata ƴar jaka mai ruwa da ke kumbura har faɗinta ya kai wajen santimita 2. Wannan kumburi na miƙe fatar gidan ƙwan, abin da kan sa a ji nauyi ko tsami a gefen. Idan jakar ta fashe ƙwan ya fito, ruwanta da ɗan jini kaɗan na zuba cikin ƙugu su taɓa shimfiɗar da ta lulluɓe kayan ciki, wadda ke da saurin jin zafi. Jiki na shanye wannan ruwa da kansa, shi ya sa ciwon ke lafawa ba tare da magani ba.

Da yake gidan ƙwai ɗaya ne ke aiki a watan, gefe ɗaya ake jin ciwon. Ba dole ne ya riƙa yin karɓa-karɓa ba: yana iya zuwa a dama wata biyu a jere, sannan ya koma hagu. Sau da yawa a waɗannan kwanaki mace kan ga farin ruwa mai yauƙi kamar na ɗanyen ƙwai, marar wari kuma marar ƙaiƙayi, wasu kuma su ga ɗigon jini kaɗan.

Yadda ake lissafin ranar

Mutane da yawa sun haddace cewa ƙwai na fita a rana ta 14. Wannan ya dace ne kawai da macen da ke yin kwana 28 tsakanin farkon haila da farkon ta gaba. Ƙa'idar da ta fi inganci ita ce a ƙirga ta baya: ƙwai na fita kimanin kwana 14 kafin hailar da ke tafe. Ranar farko ta lissafi kuma ita ce ranar da jini ya fara zuwa, ba ranar da aka yi wankan tsarki ba.

A ɗauki misalin macen da ke yin kwana 30. Hailarta ta fara ranar 3 ga Maris, don haka tana sa ran ta gaba ranar 2 ga Afrilu. Idan aka cire kwana 14, an faɗa ranar 19 ga Maris, wato rana ta 17 a lissafinta. Da yammacin 18 ga wata ta ji suka a ƙasan mara ta hagu. Ta ci abincinta, ba zazzaɓi, ba amai, ta yi aikin gidanta tana ɗan dafe wurin. Washegari da azahar ciwon ya tafi, kuma haila ta zo mata a farkon Afrilu kamar yadda ta saba. Duk alamun sun haɗu: ranar ta dace, ciwon ya ragu da kansa, haila ta biyo baya da sati biyu.

Wata ɗaya bai isa a yanke hukunci ba. Abin da ya fi shi ne a riƙa rubuta ranar fara haila, ranar ciwon, gefen da ya kama da tsawon lokacinsa, har wata uku. Wannan takarda na taimaka wa ungozoma ko likita fiye da “kwanakin baya” da ake yawan amsa musu da shi.

Tarkon jinin da ba haila ba ne

Lissafin na da amfani ne kawai idan jinin da aka ƙirga daga gare shi haila ce ta gaske. Nan ne mafi girman haɗari yake.

Ga wata mace ta biyu. Ta yi cikakkiyar haila ranar 10 ga Janairu. Ta gaba ta ɗan yi jinkiri, sai ranar 12 ga Fabrairu ta ga jini kaɗan, baƙi-baƙi, na kwana biyu, ta ɗauka haila ce. Ranar 25 ga Fabrairu ta ji ciwo a gefen dama. A lissafinta rana ta 14 ce, sai ta kwantar da hankalinta. Amma idan aka ƙirga daga 10 ga Janairu, kwana 46 ne, wato sama da sati shida. A irin wannan lokaci ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fi bayyana.

A irin wannan ciki, ƙwan da ya haɗu da maniyyi kan maƙale a siririyar hanyar da ke kai shi mahaifa, ya ci gaba da girma a can. Hanyar ba ta iya ɗaukarsa. Idan ta fashe, jini na zuba cikin ciki inda ido ba ya gani, mace na iya rasa jini mai yawa alhali ɗan ɗigo kawai take gani a zane. Alamun fashewar su ne jiri ko suma, gumi mai sanyi, bugun zuciya da sauri, ɗashewar leɓɓa da cikin ido, da ciwo a saman kafaɗa, wanda jinin da ya taru ƙarƙashin haƙarƙari ke haddasawa. Haɗarin ya fi yawa ga wadda ta taɓa yin irin wannan ciki, ko aka yi mata tiyata a mara, ko ciwon sanyi ya taɓa hawa mata mahaifa.

Saboda haka duk mace mai miji da ta ji ciwon gefe guda, kuma hailarta ta ƙarshe ta yi jinkiri ko ta zo ba yadda ta saba ba, ta fara da gwajin ciki na fitsari, wanda ake samu a farmasi. Idan ya nuna akwai ciki, ta je asibiti a ranar a yi mata ekografi don a ga inda cikin ya zauna. Wannan ya shafi har mai shayarwa da hailarta ba ta dawo ba, domin ƙwai na iya fita kafin a ga jinin farko.

Ciwon da ke ƙaruwa

Ciwon fitar ƙwai yakan yi ƙarfi da farko, sannan ya ja da baya. Ciwon da yau ya fi jiya, ko ya wuce kwana biyu, ba shi ba ne, ko da ranar ta dace da lissafi.

Apandisit, wato kumburin ɗan reshen hanji da ke ƙasan ciki ta dama, yakan fara ne a kewayen cibiya, bayan wasu awanni ya sauka dama ya tsaya. Mai shi ba ta son abinci, tana tashin zuciya, jikinta na ɗan zafi, kuma tari ko girgizar babur a kan hanya na ƙara mata ciwon.

Murɗewar gidan ƙwai kuwa farat ɗaya take zuwa, da ciwo mai tsanani da amai. Ta fi faruwa idan akwai ƙullutu a gidan ƙwan, wanda nauyinsa ke sa shi juyawa ya shaƙe jijiyoyin jininsa. Ciwon na iya ɗan sakewa ya dawo, kuma jinkirin awanni na iya sa a rasa gidan ƙwan baki ɗaya.

Ciwon sanyi da ya hau mahaifa ya fi kama gefe biyu, tare da ruwa mai wari ko launi, zafin jiki, da ciwo lokacin saduwa. Idan ba a magance shi sosai ba, yana toshe hanyar ƙwai. Ciwon da ke tasowa daga kwiɓi ya gangaro mara, da zafin fitsari ko jini a cikinsa, ya fi nuna mafitsara ko tsakuwar ƙoda.

Akwai kuma wata alama daga maganin tazarar haihuwa. Ƙwayar da ake sha kullum mai haɗe da sinadari biyu, da allurar wata uku, suna hana ƙwai fita. Wadda ke amfani da su yadda ya kamata bai dace ta jingina ciwon gefe ga fitar ƙwai ba. Haka ma wadda haila ta ɗauke mata saboda shekaru.

Abin yi a gida, da lokacin fita

Idan ranar ta dace, hailar baya ta zo daidai, ciwon kuma mai sauƙi ne, hutu da ɗumama mara da tsumman ruwan ɗumi sun isa. Babbar mace na iya shan parasetamol miligiram 500 zuwa 1000, da tazarar awa shida, kada ya wuce giram 3 a yini. Ibuprofen ma na aiki idan an sha bayan abinci, amma mai gyambon ciki da wadda ke zaton tana da juna biyu su bar shi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saye wurin masu talla ba ya yi wa ciwon fitar ƙwai komai, kuma yana iya ɓoye alamun apandisit ko na sanyi har a makara.

Ciwon da ke dawowa kowane wata yana hana aiki ya kamata a kai shi gaban ungozoma a CSI na unguwa, tare da takardar lissafin. Amma idan akwai suma, zazzaɓi, amai mai maimaituwa, ciki ya yi tauri, ko gwaji ya nuna juna biyu, ba a jira wayewar gari. A nufi inda ake ekografi da tiyata: asibitin gunduma, cibiyoyin kula da lafiyar uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, ko gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai. Kada marar lafiyar ta ci ko ta sha komai a hanya, saboda ana iya buƙatar yi mata tiyata, kuma wanda ya raka ta ya riƙe ranar da cikakkiyar hailarta ta ƙarshe ta fara, domin tana cikin tambayoyin farko da za a yi.