Hanyoyi biyu na zuba jari: bin bunƙasa ko neman araha

A kasuwar hannayen jari ta Amurka, akan raba masu zuba jari gida biyu.

Masu bin bunƙasa suna sayen hannun jarin kamfanin da cinikinsa ke ƙaruwa da sauri, ko da ya yi tsada, saboda ribar da suke hange nan gaba.

Masu neman araha kuwa suna farautar kamfanin da tuni yake samun riba, amma kasuwa ta yi masa farashi ƙasa da darajarsa. Benjamin Graham, malamin attajirin nan Warren Buffett, shi ne jigon wannan hanya.

Yadda ake bambanta su

Akan kwatanta farashin hannun jari da ribar da yake kawowa a shekara.

Idan hannun jari na dala 100 yana kawo ribar dala 2, mai saye ya biya ninki 50 na ribar, wato ya sayi fata ne. Idan kuwa dala 10 yake kawowa, ninki 10 kawai ya biya.

Tasirin kuɗin ruwa

Bambancin ya ta'allaƙa ne a kan lokacin da ribar za ta zo hannu.

Dala 100 da za a karɓa bayan shekaru goma, darajarta a yau kusan dala 82 ce idan kuɗin ruwa kashi 2 cikin ɗari ne. Idan ya kai kashi 5, sai ta koma kusan dala 61. Amma wadda za a karɓa baɗi, daga dala 98 za ta sauka zuwa 95 kawai.

Shi ya sa kamfanonin fasaha suka yi tashe bayan rikicin kuɗi na 2008, lokacin da kuɗin ruwa ya kusan kai sifili.

A 2022 kuwa, da babban bankin Amurka ya ɗaga shi zuwa sama da kashi 4, ma'aunin Nasdaq, inda kamfanonin fasaha suka fi yawa, ya faɗi da kusan kashi 33. Ma'aunin Dow Jones, na tsofaffin manyan kamfanoni, ya sauka da kusan kashi 9 ne kawai.

Inda ake tafka asara

Mai bin bunƙasa yakan yi asara idan ribar da ya biya tun kafin ta zo ba ta zo ba. Daga watan Maris na 2000 zuwa Oktoban 2002, Nasdaq ya yi asarar kusan kashi 78 na darajarsa.

Shi ma mai neman araha yana da tarkonsa, domin wata arahar alamar durƙushewa ce. Hannun jarin Kodak ya yi ta araha yayin da kasuwar fim ɗin ɗaukar hoto ke mutuwa, har kamfanin ya bayyana karayar arziki a 2012.

Alamar irin wannan tarko ita ce ciniki yana raguwa shekara bayan shekara, bashi kuma yana ƙaruwa.