Basir: Daga Ina Yake Fitowa, Me Za A Yi A Gida, Kuma Wane Jini Ne Sai An Ga Likita

A Gure, kamar sauran garuruwan jihar Damagaram, kalmar basir na ɗaukar kaya da yawa. Mai ciwon baya ya ce basir, mai kumburin ciki ya ce basir, wanda ƙarfinsa na aure ya ragu shi ma basir ko ɗan kanoma yake tuhuma. A wajen likitoci kuwa basir abu ɗaya ne: kumburin jijiyoyin jini da ke bakin dubura. Sanin wannan bambanci na da amfani, domin basir na gaskiya galibi yana lafawa da gyaran abinci da ruwan ɗumi, amma akwai cututtuka masu haɗari da ke fakewa a bayan sunansa.

Yadda yunƙuri ke jawo shi

Kowane mutum an haife shi da wasu ƴan matasai na nama da jijiyoyin jini a cikin dubura, waɗanda ke taimakawa wajen rufe ƙofar da kyau. Ba cuta ba ne. Matsala na farawa ne idan bayan gida ya yi tauri, mutum ya tsuguna, ya riƙe numfashi, ya yi ta yunƙuri. Wannan matsi na cika jijiyoyin da jini, yana kuma sassauta naman da ke riƙe da su. Idan abin ya daɗe, sai su kumbura, su zazzago ƙasa, bayan gida mai tauri ya riƙa gogar su har su yi jini.

Duk abin da ke ƙara matsi a wurin yana iya kawo basir: daɗewa a tsugune kan masai, juna biyu da naƙuda, ɗaukar kaya masu nauyi, har da zawo mai yawa. Wasu magunguna ma na ɗaure ciki. Tiramol na cikinsu. Haka nan ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata a wajen awon ciki. Amma wannan ba a daina ta, sai dai a gaya wa ungozoma a kuma ƙara ganye da ruwa.

Basir iri biyu ne. Na ciki ba ya cika ciwo; alamarsa jan jini garau bayan an gama, ko tsiro da ke leƙowa. Likitoci sun kasa shi mataki 4: na farko jini kawai, na biyu yana fitowa ya koma da kansa, na uku sai an mayar da shi da yatsa, na huɗu ba ya komawa. Na waje kuwa yana ƙarƙashin fata. Idan jini ya daskare a cikinsa, sai a ji ƙulli mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa, mai zafin gaske. Zafin kan tsananta a kwana 2 zuwa 3 na farko, sannan ya riƙa sauka, ƙullin ya saɓe cikin ƴan makonni.

Dusar da muke zubarwa

Maganin farko shi ne bayan gida ya yi laushi har ya fita ba tare da yunƙuri ba. Abin da ke yin wannan aiki shi ne ɓangaren abinci da hanji ba ya narkarwa, wato dusar hatsi, ɓawon wake da zaren ganye, wanda likitoci ke kira fibir. Yana shan ruwa a cikin hanji, ya sa bayan gida ya yi yawa kuma ya yi taushi. Likitan nan ɗan Ailan, Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya yi suna a shekarun 1970 da nuna cewa mutanen karkarar Afirka masu cin hatsi da dusarsa ba su cika fama da ɗaurewar ciki kamar Turawa ba. Yau abincin gari ya sauya: burodi da shayi da safe, farar shinkafa ko makaroni da rana, gero kuma a surfe shi tas a ba awaki dusar.

Babban mutum na buƙatar giram 25 zuwa 30 na fibir a rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake na ba da wajen giram 10, kashi ɗaya cikin uku ke nan. Sauran ana cike shi da abin da ke kasuwar Gure: miyar kuka ko kuɓewa, kwaɗon zogale ko rama, ɗanwake, dabinon da ake samu a kwarurrukan yankin, goruba, mangwaro da gwaiba a lokacinsu. A rage tsananin surfe, a kuma sa wake a cikin shinkafa.

Kuskure biyu ake yi a nan. Na ɗaya, a ƙara wake da ganye da yawa rana ɗaya, ciki ya cika da iska, mutum ya ce basir ya tashi, ya daina. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako 2. Na biyu, a ƙara fibir ba a ƙara ruwa ba, wanda ke iya ƙara ɗaure ciki. A sha aƙalla lita ɗaya da rabi zuwa 2 a rana, fiye da haka a zafin watan Afrilu da Mayu. Fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi ja-ja kuma kaɗan ne, ruwan bai isa ba. A watan azumi, a rarraba shan ruwan daga buɗa baki zuwa sahur.

A masai kuma, a tafi da zarar an ji buƙata, kada a riƙe. Idan minti 5 suka wuce abu bai fito ba, a tashi a dawo daga baya.

Zama cikin ruwan ɗumi

Ruwan ɗumi ba ya ɓatar da basir, amma yana sassauta naman da ke matse dubura, zafi da ƙaiƙayi su ragu. A samu roba mai faɗi mai tsabta, a zuba ruwan da zai rufe mazaunai. A gwada shi da gwiwar hannu: ɗumi ake so, irin na wankan jariri, ba mai tururi ba. A zauna minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a rana, musamman bayan an zaga. A tsane da ƙyalle mai laushi, ba gogewa ba.

Kada a zuba kanwa, barkono, sabulun wanki ko wani garin magani a ruwan, domin fatar wurin ba ta da kauri. Idan ana jin zafi, a sha farasitamol. Mai zubar jini ya guji shan asfirin ko diklofenak da kansa, saboda suna iya ƙara jinin. Man shafawa da ƙwayar cusawa da ake saidawa a farmasi na kwantar da zafi ne kawai, kuma waɗanda ke da sinadarin kotizon ba a wuce mako ɗaya ana amfani da su sai da izinin likita. Haka nan magungunan wankin ciki masu ƙarfi: zawon da suke sawa na ƙara kumbura wurin.

Jinin basir da wanda ba nasa ba

Jinin basir ja ne garau, yana ɗiga a ƙarshe ko a gan shi wajen tsarki, kuma bai cakuɗe da bayan gida ba. Idan tare da shi akwai zafi kamar yankan reza lokacin fita, galibi tsagewar fata ce a bakin dubura. Idan jini da majina ne tare da zawo da murɗar ciki, atini ne, maganinsa daban.

Ko da jinin ya yi kama da na basir, wanda ya fara ganin sa ya je a duba shi sau ɗaya, domin ido kawai ba ya bambanta su. Kada a yi jinkiri ko kaɗan idan jinin ya cakuɗe da bayan gida ko ya yi duhu, idan yanayin zagawa ya sauya tsawon makonni, idan mutum na ramewa ko yana jin kamar bai gama ba kullum, idan ya haura shekara 40, ko kuwa wani a danginsa ya taɓa yin kansar hanji. Akwai kuma alamun da ba sa jiran gobe: jini mai yawa ko guda-guda, jiri da bugun zuciya, bayan gida baƙi kamar kwalta mai ɗoyi ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, tsiron da ya maƙale a waje yana ciwo, ko kumburi mai zafi tare da zazzaɓi.

A ɗauki misalin mutum biyu. Na farko direba ne ɗan shekara 32 da ke bin hanyar Gure zuwa Damagaram. Yana riƙe bayan gida saboda tafiya, shayi ya fi ruwa yawa a cikinsa, sai bayan kwana 3 yake zagawa da yunƙuri, yana ganin ɗigon jan jini. An duba shi a gidan likita an ga basir na ciki. Ya fara cin wake kullum, yana tafiya da jarkar ruwa, yana zama a ruwan ɗumi da dare. A irin wannan hali ana sa ran jinin ya ragu cikin mako 2, kuma idan bai tsaya ba sai ya koma. Na biyu manomi ne ɗan shekara 56. Wata 4 ke nan yana ganin jini mai duhu da majina, yau zawo gobe ɗaurewar ciki, wandonsa ya yi masa yawa, tafin hannunsa ya yi fari. Ya sha jiƙon basir iri-iri. Wannan ba ruwan ɗumi yake buƙata ba. Alamunsa na iya zama na kansar hanji, kuma kowane wata da ya wuce yana rage damar aiki ya yi nasara. Ko an ga basir a jikinsa, bai wanke shi ba, domin ana iya samun cututtukan biyu tare.

Me ake yi a asibiti

Kunya ce ke hana mutane da yawa zuwa, alhali dubawar ta ƴan mintoci ce. Mutum zai kwanta ta gefe, likita ya duba waje, sannan ya sa yatsa da safar hannu da mai ya taɓa ciki. Wani lokaci ya leƙa da ɗan gajeren bututu. Ana kuma iya awon jini da na bayan gida. Mace na iya neman ma'aikaciya mace ta kasance a wurin. Ana farawa daga gidan likitan unguwa ko asibitin gundumar Gure. Idan ana buƙatar leƙa hanji da na'ura ko babban aiki, sai a ba da takardar turawa zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram ko Yamai.

Basir da ya ƙi jin gyaran abinci yana da magani. Na mataki na biyu ana iya ɗaure gindinsa da ƙaramin zoben roba ya bushe ya faɗi, inda akwai kayan aikin. Na mataki na huɗu da wasu na uku sai tiyata, wadda aka fi yi bisa hanyar da Milligan da Morgan suka bayyana a Landan a 1937. Yankewa ko ƙonawa a gida kuwa na iya jawo zubar jinin da ba ya tsayawa, ruɓewa, ko lalacewar naman da ke riƙe bayan gida. Haka kuma yaron da duburarsa ta zazzago bayan dogon zawo, galibi ba basir ba ne: a rufe wurin da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta a kai shi likita a ranar.