Yadda ake rubuta hajar bashi idan mai saye ne ke biyan dako da kuɗin kwastan

A ƙa'idar lissafin kasuwanci, kuɗin haja shi ne duk abin da aka kashe kafin ta iso rumbun mai ita. Haka ƙa'idar IAS 2 ta tanada, wadda ke cikin tsarin duniya da Najeriya ta fara bi a 2012. Saboda haka kuɗin dako da na kwastan kan farashin kaya ake ɗora su, ba a haɗa su da kuɗin hidimar shago irin su haya da albashi.

Misali, wani dila a Kalgo ya sayo injinan ban-ruwa 100 bashi daga China, kowanne a kan abin da ya kai naira 80,000. Takardar cinikin tana ɗauke da sharaɗin FOB, wato kayan sun zama nasa tun daga ranar da aka loda su a jirgin ruwa. A ranar zai rubuta naira 8,000,000 a hagun shafin haja, ya kuma rubuta adadin a daman shafin bashin mai kaya.

Daga bisani ya biya naira 600,000 na jirgi da inshora, da 400,000 ga Hukumar Kwastan, da 500,000 na motar da ta ɗauko kayan daga Apapa zuwa Kalgo. Wannan naira 1,500,000 ita ma tana shiga hagun shafin haja, sannan a cire ta daga shafin banki. Bashin mai kaya yana nan a naira 8,000,000, domin ba shi aka biya waɗannan kuɗaɗe ba. Hajar ta tashi a naira 9,500,000, kowane inji ke nan 95,000.

Kuskure a nan yana da tsada. Dilan da ya riƙe 80,000 a matsayin uwar kuɗi zai iya sayar wa manoman rani a 90,000 yana zaton ya ci riba, alhali kowane inji ya jawo masa asarar 5,000. Haka kuma idan shekara ta ƙare da injina 40 a rumbu, darajarsu naira 3,800,000 ce. Wanda ya zuba dako da kwastan cikin kuɗin hidima zai rubuta 3,200,000, ribar shekarar ta ragu da 600,000 a takarda.

Ƙa'idar tana da iyaka. Kuɗin motar da ta kai inji ga mai saye a Gwandu kuɗin sayarwa ne, ba ya hawa kan haja. Haka ma tarar jinkiri a tashar ruwa idan sakaci ne ya jawo ta.

Ana gane an yi daidai idan jimillar takardar mai kaya da rasiɗin dako da na kwastan ta zo ɗaya da abin da aka shigar a shafin haja.