Sabon takalmi: yadda ake sabawa da shi ba tare da bororo ba, da yadda ake gane wanda ba zai taɓa zama daidai ba

Duk wanda ya taɓa sayen takalmi sau-ciki ana jajibirin Sallah, ya sa shi ya taka zuwa filin Idi, ya san yadda ake dawowa gida ana ɗingishi. Mai sayarwa kan ce, "Sa shi kawai, zai buɗe." Wani lokaci gaskiya ya faɗa, wani lokaci kuma ciniki yake nema. Takalmin fata yana buɗewa, amma ta wasu wurare kaɗai, kuma kaɗan. Wannan bayani ya shafi rufaffen takalmin fata na zuwa aiki ko biki, domin shi ne ya fi cin ƙafa.

Me ke kawo bororo

Mutane da yawa na ɗauka takalmi ne ke kankare fata daga waje. A gaskiya abin daga ciki yake farawa. Idan mutum na tafiya, ƙashin ƙafa yana motsi gaba da baya, ita kuwa fatar waje ta manne da safa ko da jikin takalmi. Wannan ja-in-ja, idan ya maimaitu sau ɗaruruwa, sai ya yaga fatar tsakanin sama da ƙasanta, ruwa ya taru a wurin. Shi ne bororo.

Abu uku ke hanzarta shi: matsi, zafi da danshi. Fata mai ɗan gumi ta fi busasshiya mannewa, shi ya sa takalmin da bai dame ka da safe ba yake cin diddige da azahar. Kafin ruwan ya taru, wurin yakan yi ja, ya yi zafi kamar an ɗora garwashi. Wanda ya cire takalmin a wannan lokaci ya tsira. Wanda ya ce bari ya daure, bororo ya same shi.

Lamba ba ta isa ba

Mai sayayya tsakanin ƙasashe yana haɗuwa da lambobi iri uku. A kasuwannin Yamai, Garwa da Njamena lambar Turai aka fi sani, wato su 40, 41, 42. A Kumasi ko Kano za a iya samun lambar Ingila, su 7, 8, 9, a jikin takalmi. Kayan gwanjo kuma sukan zo da lambar Amurka. Tsakanin lamba da lamba a tsarin Turai kashi biyu cikin uku na santimita ne, a tsarin Ingila kuwa ya ɗan haura milimita 8. Lamba 42 ta Turai kusan 8 ce ta Ingila, kusan 9 ta Amurka a takalmin maza. Duk da haka 42 na wani kamfani ba lallai ya yi daidai da 42 na wani ba, kuma lambar tsawo kawai take faɗa, ba ta cewa komai game da faɗi.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce awo. A taka farar takarda a tsaye, da safa a ƙafa, wani ya ja layi a bayan diddige da gaban yatsan da ya fi tsawo, wanda ba kullum ne babban yatsa ba. A auna ƙafa biyun, domin yawanci ɗaya ta ɗan fi ɗaya, kuma da babbar ake sayen takalmi. A yi awon da yamma, saboda ƙafa tana ɗan kumbura bayan yinin tafiya da tsayuwa. Wanda zai yi sautun takalmi daga wani gari, gara ya aika da tsawon ƙafarsa a santimita fiye da lamba kawai.

Inda fata ke buɗewa da inda ba ta buɗewa

Fata ta gaske tana saki ta faɗi, musamman a gefen tushen yatsu da kuma saman ƙafa, amma 'yan milimitoci ne kawai. Ƙasan takalmi mai tauri shi ma yana laushi idan ya saba lanƙwasa. Waɗannan biyun su ne abin da ake nufi da sabawa da takalmi.

Tsawo ba ya ƙaruwa, domin an ɗinke ko an manne fatar a kan ƙasan da ba ya miƙewa. Hancin takalmi da bayansa, inda diddige ke zama, an sa musu abu mai tauri a ciki don su riƙe siffa, saboda haka hancin ba ya ƙara tudu. Layin ɗinki ba ya saki kamar sauran fatar. Takalmin roba da aka yi wa kamar fata, da mai ƙyalli kamar madubi, da ƙyar suke buɗewa, sun fi saurin tsagewa.

Misali: kwana goma kafin biki

A ɗauka wani malamin makaranta zai halarci ɗaurin aure nan da kwana goma. Ƙafarsa ta dama santimita 26.5 ce, ta hagu 26.2. Ya ɗauki ta dama, ya ƙara santimita 1.5 na sararin yatsu, ya samu 28. Idan aka ninka 28 sau ɗaya da rabi, 42 ke nan a lambar Turai. Daga nan zai fara gwaji, ba a nan zai tsaya ba.

A shago ya sa ƙafa biyu da irin safar da zai riƙa sawa, ya ɗaura igiya, ya miƙe tsaye. Ya danna hancin takalmin ya ji akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu. Ya duba ko wurin da ƙafarsa ta fi faɗi ya zauna daidai inda takalmin ya fi faɗi, wato inda yake lanƙwasa. Ya zagaya cikin shagon na 'yan mintoci. Takalmin ya kama gefen ƙaramin yatsa kaɗan, ba zafi, diddige kuma yana ɗan ɗagawa kamar rabin santimita. Duka biyun abin da lokaci ke gyarawa ne, sai ya biya.

Kwana biyun farko ya sa shi a cikin ɗaki, rabin awa zuwa awa ɗaya, a kan tabarma don kada ƙasan ya ƙarce idan ta kama a mayar. Da ya cire sai ya duba ƙafarsa, ya ga diddigen dama ya yi ja. Daga ranar, kafin ya sa safa, yana manna filasta a wurin a kan busasshiyar fata, ba tare da ta tattare ba. Ya kuma murza bakin bayan takalmin da yatsu don ya yi laushi, ya shafa wa fatar man takalmi. Man kaɗanya kaɗan ma yana tausasa fata, sai dai yana duhunta mai haske, don haka a fara gwadawa a wurin da ba a gani.

Rana ta uku zuwa ta biyar ya kai awa biyu zuwa uku, har da zuwa masallacin unguwa. Rana ta shida ya huta, ya bar takalmin ya bushe a inuwa. Rana ta bakwai da ta takwas ya tafi da shi makaranta rabin yini, da tsohon takalminsa a jaka, ya sauya da zarar ya ji zafi. Gefen ƙaramin yatsa bai gama saki ba, sai ya kai wa baduku ya nuna masa wurin daidai, aka sa katakon buɗa takalmi ya kwana a ciki. Ranar biki ya yini da shi, filastarsa na nan a diddige.

Safa tana da muhimmanci a duk wannan. Ta auduga zalla tana shan gumi ta riƙe shi, wadda aka haɗa da zaren roba ta fi saurin bushewa. Safa mai tattarewa ko mai kaurin ɗinki a kan yatsu ita kanta tana kawo bororo. Kada kuma a jiƙa takalmi a ruwa sannan a shanya a rana, ko a kara shi kusa da wuta. Fatar za ta bushe ta tsage, gam ɗin ƙasan ya saki.

Alamun takalmin da ba naka ba

Idan yatsa yana taɓa hancin takalmi kana tsaye, ya yi gajere, kuma haka zai tabbata. Idan saman hancin yana danne farce, ko yatsu sun hau juna, siffar takalmin ba ta ƙafarka ba ce. Idan yana lanƙwasa a kan yatsu ko a bayan tushensu maimakon daidai tushen, ba sabon da zai matsar da wurin. Idan bakin takalmin yana yankar idon sawu, sai dai a gwada ɗora 'yar shimfiɗa a ƙarƙashin diddige, in bai daina ba a haƙura. Ƙafar da ta yi sanyi, ko ta mutu kamar an zauna a kanta, ko take tsikari cikin 'yan mintoci, tana faɗa maka matsin ya wuce abin da fata za ta iya saki.

Babban takalmi ma yana cin ƙafa, domin ƙafar tana zamewa a ciki. Shimfiɗar ciki ko safa mai kauri na iya cike ɗan sarari, amma idan diddige yana fita gaba ɗaya duk da an ɗaure igiya, ya yi yawa. Takalmin gwanjo kuwa ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani. A sa hannu a ciki a laluba, a duba ko dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda.

Ma'auni na ƙarshe shi ne lokaci. Takalmin da ya dace yana ƙara daɗi daga rana zuwa rana. Wanda aka yi mako biyu ana sawa a hankali, baduku ya buɗa, amma yana ciwo a wuri ɗaya kamar ranar farko, ba zai canza ba. A mayar, a sayar, ko a ba wanda ya yi wa daidai.

Idan bororon ya riga ya fito

Kada a fasa shi, kada a ɓare fatar da ke kansa, domin ita ce ke tsare wurin daga ƙwayoyin cuta. A wanke da ruwa da sabulu, a rufe da filasta mai tsabta, a koma buɗaɗɗen takalmi. Yawanci yana warkewa cikin mako guda. Idan ya fara mugunya, ko jan yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, a je asibiti.

Mai ciwon suga dokarsa daban. Ciwon na iya rage jin ƙafa, ta yadda takalmi zai ji masa rauni bai sani ba, kuma raunin yana jinkirin warkewa. Shi kada ya sayi takalmi da fatan zai buɗe, sai wanda ya yi daidai tun a shago. Ya duba ƙafarsa duk lokacin da ya cire, har tsakanin yatsu, kuma ko ƙaramin bororo ya gani ya nuna wa ma'aikacin lafiya ba tare da jinkiri ba.