Daminar uraniyom da ranin bashi: Nijar daga 1971 zuwa 1991

A shekarar 1993 wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Richard Auty, ya fitar da littafi a kan ƙasashe masu ma'adinai, inda ya raɗa wa wata matsala sunan da ya bi ta har yau: la'anar albarkatun ƙasa. Bayan shekara biyu, Jeffrey Sachs da Andrew Warner suka auna ci gaban ƙasashe da dama tsakanin 1970 da ƙarshen shekarun 1980, suka tarar waɗanda suka fi dogara ga sayar da albarkatun ƙasa su ne, a jimlace, suka fi tafiyar hawainiya. Maganar tana da ban mamaki, domin a hankalce wanda Allah ya binne wa dukiya a gonarsa ya kamata ya riga maƙwabcinsa cika rumbu. Amma kafin masana su sa wa abin suna, Nijar ta riga ta ɗanɗana shi, daga farkonsa har ƙarshensa, cikin shekaru ashirin.

Lokacin da ƙasar ta sami mulkin kai a 1960, gujiya ce uwar arzikinta. Ita ce ke kawo fiye da rabin kuɗin kayan da ake fitarwa waje, kuma daga gonakin Maraɗi da Damagaram mafi yawanta ke fitowa. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin saye da fitar da ita. Arziki ne ƙarami, amma yana ratsa hannaye da yawa: manomi, da mai awo, da mai raƙumi ko mota, da ɗan kasuwa, kowa yana samun rabonsa a lokacin kaka. Daga cikin wannan kuɗi ne talaka ke biyan harajin kai, harajin kuma shi ne babban ginshiƙin baitulmali. Gwamnati, ko tana so ko ba ta so, idonta yana kan manomi.

A can arewa wani labari ne ke tsirowa. A 1957 masu binciken Faransa suka ci karo da uraniyom a Azelik, daga baya aka gano manyan jijiyoyinsa a yammacin duwatsun Abzin. Aka kafa SOMAIR a 1968, ta fara haƙa a Arlit a 1971. Aka kafa COMINAK a 1974, ta fara aiki a ramin Akuta a 1978. Sai tsadar man fetur ta 1973 ta sa ƙasashe masu masana'antu suka ruga gina tashoshin lantarki na nukiliya. Laba ɗaya ta uraniyom, wadda ba ta kai rabin kilo ba, ta tashi daga wajen dala 6 a 1973 zuwa sama da dala 40 a 1978. Shugaba Jori Hamani yana cikin neman Faransa ta ƙara farashi sojoji suka kifar da shi ran 15 ga Afrilu 1974. Gwamnatin Saini Kunce ce ta girbi abin da ya biyo baya.

A daidai wannan lokaci gujiya ta durƙusa. Adalci ne a faɗi cewa ba uraniyom ne ya kayar da ita ba. Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa shukar a 1975, da janye farashin gata da Faransa ke saye da shi a da, su ne suka sa manoma suka koma ga hatsi da wake. Abin da uraniyom ya yi shi ne ya sa faɗuwar ba ta yi wa baitulmali zafi ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1970, wajen kashi uku cikin huɗu na kuɗin kayan da Nijar ke fitarwa daga ramuka biyu yake fitowa. Ƙasar ta sauka daga kan kaya ɗaya ta hau wani kaya ɗaya, sai dai sabon ya fi tsohon ƙarancin hannayen da yake ratsawa.

Nan ne sashen farko na matsalar yake. Ma'adini irin wannan tsibiri ne a cikin tattalin arziki. Injuna da sinadarai da ƙwararru daga waje ake kawo su. Garin uraniyom ɗin kuma cikin ganguna ake zuba shi, motoci su kai shi Paraku, jirgin ƙasa ya kai shi Kwatano, jirgin ruwa ya wuce da shi. Ma'aikatan ramukan dubbai kaɗan ne, a ƙasar da ƙidayar 1977 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan biyar. Saboda haka kuɗin ba ya shiga kasuwar ƙauye kai tsaye yadda na gujiya ke yi. Ƙofa ɗaya yake da ita, wato baitulmali, ta hanyar haraji da hannun jarin da hukuma ke riƙe da shi, kusan kashi ɗaya cikin uku a kowane kamfani, ƙarƙashin ONAREM da aka kafa a 1976. Duk alheri ko sharrin da kuɗin zai yi ya rataya ne ga shawarar mutane kaɗan a Yamai.

Ba a ce an watsar da kuɗin a banza ba. An shimfiɗa hanyar kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, mai tsawon fiye da kilomita 600. An kafa SONICHAR domin haƙar gawayi a Anu Araren da samar wa ramukan wuta. An gina makarantu da asibitoci, an yi gonakin noman rani a bakin kogi, an ɗauki ma'aikata da yawa, an kuma soke harajin kai a ƙarshen shekarun 1970, abin da talakawa suka yi maraba da shi ƙwarai. A Yamai aka tayar da manyan gine-gine irin su otal ɗin Gawai da babban zauren taro. Kuskuren yana cikin lissafi: an ɗauki farashin shekara uku ko huɗu tamkar farashin har abada, aka ɗora masa ɗawainiya ta dindindin, aka kuma ci bashi a bankunan waje bisa zaton kuɗin gobe zai fi na yau.

Misali zai bayyana yadda tarkon yake. A ɗauka hukuma tana samun dala ɗari a shekara daga ma'adini. Ta ware sittin ga albashi da gudanar da sababbin makarantu da asibitoci, ta sa arba'in a gine-gine, sa'an nan ta ranto ɗari uku domin manyan ayyuka, a kan za ta riƙa biyan talatin kowace shekara. Idan kuɗin ma'adinin ya ragu zuwa hamsin, albashi yana nan sittin, biyan bashi yana nan talatin. Ko an tsayar da kowane gini, ana bukatar tasa'in, a hannu kuwa hamsin ne. Malami ba ya komawa rabin malami don farashi ya faɗi, mai bin bashi kuma ba ya rage kuɗin ruwa. Ga shi harajin da a da ake karɓa daga manoma an bar shi, kuma dawo da haraji ya fi soke shi wuya nesa ba kusa ba.

Haka kuwa aka yi. A watan Maris 1979 aka sami haɗari a tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, ƙasashe suka soke tashoshi da yawa da suka yi niyyar ginawa, kasuwa ta cika da uraniyom ba masaya. Farashin kasuwa ya yi ta gangarowa har ya koma ƙasa da dala 10 a ƙarshen shekarun 1980. Nijar tana sayarwa ne bisa yarjejeniya da abokan jarinta, don haka bugun bai iso rana ɗaya ba, amma ya iso. Haƙar da ta kai ƙololuwa a 1981, da fiye da tan 4000, ta sauko zuwa wajen tan 3000. A lokaci guda kuɗin ruwa ya hau a kasuwannin duniya, dalar Amurka ta yi tsada a kan faran na Faransa wanda sefa ke ɗaure da shi, sai nauyin bashin ya ƙaru ba tare da an ƙara rance ba. A 1983 Nijar ta nemi agajin asusun lamuni na duniya, ta kuma roƙi masu binta a ɗage mata wa'adin biya. A 1984 fari ya dawo, Najeriya kuma ta rufe iyakokinta har 1986.

Abin da ya biyo baya malaman makaranta sun fi kowa saninsa. Tsarin tsuke bakin aljihu ya takaita ɗaukar ma'aikata, aka rufe ko aka sayar da kamfanonin hukuma, babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya rushe a 1990. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito suna ƙin matakan da suka shafi ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Daga nan hanya ta miƙe zuwa babban taron ƙasa na 1991, shekarun da suka biyo baya kuwa suka zama na albashin da ke makara watanni.

Akwai wata fuskar matsalar da ake kira cutar Holan, sunan da ya samo asali a 1977 daga abin da iskar gas ta yi wa masana'antun ƙasar. Idan kuɗin waje ya kwararo, kayan cikin gida da ladan aiki sukan yi tsada, kayan waje su yi araha, sai manomi da masaƙi su kasa gasa. A Najeriya ta shekarun fetur alamar ta fito fili, lokacin da dalar gyaɗar Kano ta ɓace, ƙasar ta koma sayen abinci daga waje. A Nijar, inda sefa ba ta motsi sai da faran, wannan fuska ba ta kai ta rawar farashi da bashi ƙarfi ba. Kowace ƙasa da ƙofar da cutar ke shigo mata.

Kalmar la'ana kuwa tana iya ɓad da hankali, domin abin ba ƙaddara ba ne. Botswana ta gano lu'ulu'u a 1967, tana cikin matalautan ƙasashen duniya, ta yi shekaru talatin tana cikin masu saurin ci gaba. Ta riƙa ajiye rarar shekarun yalwa, ta kuma bi ƙa'idar cewa kuɗin ma'adini a zuba shi cikin jari, da ilimi da lafiya, harkokin yau da kullum kuma a ɗauke su da sauran haraji. Dabarar rumbun tsimi ce, wadda kowane manomin Gobir ko Katsina ya gada: hatsin shekarar albarka ba a cinye shi a shekararsa.

Tarihin ya sake gwada Nijar. A 2007 laba ta haura dala 130, aka ɗora buri a kan Imuraren. Bayan haɗarin Fukushima na 2011 farashi ya faɗi, aka dakatar da aikin a 2014, ramin Akuta kuma ya rufe a 2021. A 2011 matatar man Damagaram ta fara aiki, a 2024 ɗanyen man Agadem ya fara fita ta bututun da ya ratsa Benin. Tambayoyin da shekarun uraniyom suka bari su ne ma'aunin wannan sabon arziki: wane farashi aka gina kasafin kuɗi a kansa, na shekarar tsada ko matsakaicin shekaru goma? Nawa aka ajiye? Nawa aka ranto a kan man da bai fito ba tukuna? Kuma in an cire kuɗin ma'adini, sauran haraji zai iya biyan albashin malami da likita? Amsoshin suna cikin kasafin kowace shekara, ga mai son dubawa tun damina ba ta ɗauke ba.