Zargin Kai Bayan Cin Abinci: Birki ne ko Tunzuri? Nazarin Gwaje-gwaje kan Masu Ƙoƙarin Rage Ƙiba

Tsakure

Maƙalar ta duba ra'ayin da ke cewa jin laifi bayan an zarce a ci shi ne ke maido da mai rage ƙiba kan hanya. Ta nuna cewa hujjojin da ake da su sun karkata ga akasin haka: ɓarnar da zargin kai ke jawowa bayan an karya doka ta fi ɓarnar lomar da aka karya dokar da ita.

Waiwaye

Tun 1957 Kaplan da Kaplan suka danganta ƙiba da cin da mutum ke yi don ya kwantar da damuwa, daga baya Hilde Bruch ta ƙara da cewa wasu ba sa iya bambance yunwa da ɓacin rai. A 1986 Tatjana van Strien da abokan aikinta a ƙasar Holan suka fitar da takardar tambayoyi da ake auna wannan hali da ita. Daga nan aka ɗauki "mai cin huce haushi" kamar wani jinsin mutum na dabam.

A nan nake da ja. Takardar tana auna abin da mutum ya ɗauka game da kansa ne, ba ta auna abin da ya shiga cikinsa. Catharine Evers da abokanta sun tattara gwaje-gwaje masu yawa suka nazarce su a 2018, suka samu cewa waɗanda ke kiran kansu masu cin huce haushi ba su fi saura ci ba idan aka ɓata musu rai a ɗakin gwaji. Waɗanda ɓacin rai ya ƙara wa ci su ne masu takura wa kansu a abinci. Ashe ke nan ɓacin rai shi kaɗai bai isa ba, sai ya tarar da doka mai tsauri da zai karya.

Hanyar Bincike

An zaɓi ayyukan da aka auna ainihin abin da aka ci ko nauyin jiki, aka kwatanta sakamakonsu, sannan aka gwada shi da lissafin kalori a kan misali ɗaya. Ba a tattara sababbin bayanai ba.

Sakamako

Gwajin Peter Herman da Deborah Mack na 1975 shi ne tushe. Sun gayyaci ɗalibai mata a kan cewa za su ɗanɗana ayis kirim su faɗi ra'ayinsu. Kafin nan aka ba wasu kofi ɗaya na kaɗaɗɗiyar madara mai zaƙi, wasu biyu, wasu ba a ba su komai ba. Waɗanda ba sa takura wa kansu sun yi abin da hankali zai ɗauka, wato wadda ta sha madara ta rage cin ayis kirim. Masu takura kuwa sai suka juya lissafin: waɗanda suka sha madarar sun fi waɗanda ba su sha ba ci. Janet Polivy ta nuna a 1976 cewa zaton an ci abu mai kalori da yawa ma ya isa ya jawo haka, ko da zaton ba gaskiya ba ne. Wannan ya nuna abin daga tunani yake tasowa, tunanin da ke cewa tunda yau ta riga ta ɓaci, a ƙarasa, gobe a sake sabon lale.

Aikin da na fi ba wa nauyi shi ne na Claire Adams da Mark Leary na 2007, domin su ne suka taɓa zargin kan kai tsaye. Sun sa ɗalibai mata cin donat, sannan aka yi wa wani rukuni 'yar gajeruwar magana cewa kowa yakan ci irin wannan wani lokaci, kada su tsananta wa kansu. Daga nan aka ajiye wa kowa alewa aka ce a ɗanɗana. Cikin masu tsananin takura, waɗanda aka kwantar wa hankali sun ci alewa ƙasa da waɗanda aka bari da zargin kansu. Da a ce jin laifi birki ne, da cire shi ya sa sun afka wa alewar. Ba haka aka gani ba.

Gwajin ɗaki na minti kaɗan ne, shi ya sa aikin Roeline Kuijer da Jessica Boyce na 2014 a ƙasar Niyuzilan yake da amfani. Sun tambayi mutane ko kek ɗin cakulan na tuna musu da laifi ko da shagali. Waɗanda suka ce laifi ba su fi saura niyyar cin abinci mai kyau ba, sun fi jin cewa cinsu ya fi ƙarfinsu, kuma bayan wata 18 sun fi kasa riƙe nauyinsu.

A ɗauki misalin mace da jikinta ke bukatar kalori 2,300 a rana, ta tsara cin 1,800. Giɓin 500 a kullum ya zama 3,500 a mako, kusan rabin kilo, tunda kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Ranar Talata ranta ya ɓaci a wurin aiki, ta ci fanke da lemon kwalba na kalori 400. Ko a wannan rana ba ta kai abin da jikinta ya ƙona ba, kuma giɓin makon ya sauka ne zuwa 3,100 kawai. Asarar ba ta wuce kimanin giram 50 ba.

To amma idan ta yanke wa kanta hukuncin cewa ta gaza, da dare za ta iya ƙara 1,100. Da safe ta hau sikeli ta ga ƙarin kilo guda, wanda mafi yawansa ruwa ne, domin kowane giram na gilaikojin yana riƙe kimanin giram 3 na ruwa, ga gishiri, ga abincin da bai gama wucewa ba. Sai ta ƙi karin kumallo da abincin rana don ta hukunta kanta, yunwa ta taru, da magariba ta zarce tsarinta da wani 1,000. Giɓin makon ya koma 1,000. Fanken ya ci 400, abin da ya biyo bayansa ya ci 2,100.

Ana gane wannan zagaye da alamu bayyanannu: raba abinci zuwa "mai kyau" da "haramtacce", ci a ɓoye cikin sauri, da tsallake abinci washegari. Gyaran shi ne a ci abinci na gaba a lokacinsa kuma da adadinsa, ba ragi ba ramuwa, a bar hawa sikeli har kwana biyu ko uku, a kuma rubuta abin da ya faru kafin cin, ko faɗa ne, ko rashin barci, ko doguwar yunwa. Wannan gyara natsuwa yake bukata, amma natsuwar da nake nufi ba sakaci ba ce, domin burin yana nan, lissafin ma yana nan.

Iyakokin Nazarin

Dole a yarda cewa yawancin waɗanda aka gwada ɗalibai mata ne na ƙasashen Turawa, kuma a ƙasar Hausa, inda cikar jiki ke da daraja a idon mutane da yawa, zargin kan zai iya ɗaukar wata siffa. Janet Tomiyama da abokanta sun samu a 2009 cewa a rayuwar yau da kullum masu takura ba lallai su zarce bayan karya doka ba. Wannan ya rage girman matsalar, amma bai nuna cewa jin laifi na taimako ba.

Kira

Ina kira ga likitoci da masana abinci da su daina tsoratar da masu zuwa wurinsu da jerin haramtattun abinci, su koya musu tun ranar farko abin da za su yi bayan sun zarce. Wanda kuma yake yawan ci har ya kasa tsayawa sau ɗaya a mako ko fiye na tsawon wata 3, ko yake jawo amai bayan ci, a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, domin lamarinsa ya wuce na shawarar abinci.