Lanƙwasasshen layin Bohr: yadda jini ke kama oksijin ya kuma sake shi

A shekarar 1904, a birnin Kopenhagen, Christian Bohr da abokan aikinsa Karl Hasselbalch da August Krogh suka riƙa haɗa jinin kare da iskar oksijin mai matsi daban-daban, suna auna yawan da jinin ya sha. Zaton da ake yi a lokacin shi ne layin sakamakon zai miƙe sama tun daga farko, sannan ya kwanta. Sai ga shi ya fito kamar harafin S: ya fara da jan ƙafa, ya yi tsaye a tsakiya, ya baje a sama.

To me wannan lanƙwasa ke nufi a jikinka? A huhu matsin oksijin yakan kai kusan 100 mmHg, kuma a nan haimogulobin, wato furotin ɗin da ke sa jini ja, yakan cika kusan kashi 97 cikin ɗari. Ko matsin ya faɗo zuwa 60, cikar tana nan wajen 90, domin saman layin a baje yake. Da jini ya isa tsokar da ke hutawa, inda matsin yake 40, sai cikar ta koma 75. Rubu'i kaɗai ya sauke ke nan, sauran ajiya ce. Idan kuwa tsokar ta kama aiki, matsin ya sauka zuwa 20, abin da ke saura bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba sosai. Shi ya sa ma'aikatan asibiti ba sa wasa idan na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna ƙasa da 90: daga nan gangara ce.

Sun kuma lura cewa ƙarin kabon dayoksaid yana sa jini ya sassauta riƙonsa. Tsoka mai aiki ita ke fitar da wannan iskar, ashe da kanta take kiran a sauke mata kaya. A huhu, inda ake fitar da iskar waje, riƙon sai ya dawo.

Dalilin lanƙwasar ne ya ɗauki lokaci. A 1925 Gilbert Adair ya nuna cewa kowane haimogulobin yana da gurbi huɗu na kama oksijin. Max Perutz, wanda ya shafe sama da shekara ashirin yana bin siffar furotin ɗin a Cambridge, shi ya bayyana dabarar a 1970. Idan gurabun wayam suke, sassan huɗu a ɗaure suke tamau, oksijin na farko da ƙyar yake shiga. Shigarsa tana jan ƙwayar ƙarfen da ke gurbin, jan ya motsa maƙwabta, su saki jiki, na gaba su shiga cikin sauƙi. Wajen saukewa ma haka: fitar ɗaya tana sauƙaƙa fitar na biye.

Hayaƙin janareto a rufaffen ɗaki nan yake yin ɓarnarsa. Kabon monoksaid da ke cikinsa ya fi oksijin kama gurbin fiye da sau 200, kuma idan ya zauna, yakan sa sauran gurabun su ƙanƙame oksijin ɗinsu su ƙi saki. Na'urar yatsa da aka saba gani ba ta bambanta su, tana iya nuna 98 alhali ƙwaƙwalwar mutum tana shaƙewa.